Abin da Malam Aƙilu Bai Faɗa wa Yayansa Ba

A Limancin Kona, idan ka tambayi gidan Malam Aƙilu sai a ce maka wanne, domin Aƙilu ba ɗaya ba ne a unguwar. In ka ce mai fassara, sai a yi murmushi a ce, "Au, Malam Wataƙila kake nema." Sunan ya bi shi har ya fi na yanka ƙarfi. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, ya ce alamu sun nuna haka. Ka tambaye shi ko kasuwa ta ci, ya ce gefen da ya bi dai ta ci, sauran bai gani ba. Mutane suna cewa boko ne ya lalata masa baki. Ni kuwa na ce ba su san kan zancen ba, kuma da sun sani da sun rage dariya.

Mahaifinsa, Malam Adamu, malamin zaure ne mai karantar da fiƙihu. Yadda ake karatun kowa ya sani: ɗalibi ya ja Larabci gaɓa ɗaya, malam ya mayar masa da Hausa, ya sake ja, a sake mayarwa. Abin da ya bambanta Malam Adamu shi ne ba ya yi wa mai littafi ƙari ko ragi. Inda mai littafi ya ce "an ce", shi ma "an ce" zai faɗa. Inda ya ce malamai sun saɓa, ba zai zaɓar maka ɓangare don ka ji daɗi ba. Ya sha gaya wa ɗalibai cewa mai fassara ɗan aike ne, kuma ɗan aiken da ya gyara saƙo a hanya ya ci amanar mutum biyu. Aƙilu ya ji wannan tun yana zama a bakin ƙofar zaure.

'Ya'yan Malam Adamu maza biyu ne. Babban, Ya'u, aka ba shi gonar gidan da ke gindin dutsen Kufena. Ƙaramin aka tura shi boko. Babu wanda aka tambaya ra'ayinsa. Gyaɗar da Ya'u ya noma ita ta ɗinka wa Aƙilu kayan makaranta, dawar da ya noma ita ta ciyar da gidan bayan rasuwar mahaifinsu, kuma Ya'u bai taɓa goranta masa ba. Da ya goranta ma da abin ya fi sauƙi.

Aƙilu ya fara da aikin akawu, daga baya aka ɗauke shi mai fassara a wata ma'aikatar binciken noma da ke Samaru. Kullum da sassafe sai ya taka zuwa Ƙofar Doka ya jira motar ma'aikata. Ofishinsa wani lungu ne a bayan ɗakin karatu: tebur, tafireta, ƙamus biyu, da wani littafi mai baƙin bango da yake tara kalmomin da ya riga ya yanke yadda zai riƙa fassara su, don kada ya kira abu ɗaya da suna biyu.

Ma'aikatar tana fitar da mujalla sau huɗu a shekara, da Turanci. A saman kowace maƙala akwai tsakure, wato ɗan taƙaitaccen bayani na abin da aka gwada da abin da aka samu, bai wuce kalma ɗari da hamsin ba. An yanke cewa a riƙa sa fassarar tsakuren da Hausa a ƙarƙashin na Turanci, saboda malaman gona da ke ƙauyuka. Wannan shi ne aikin Aƙilu. Ya kuma san abin da masu binciken ba su cika tunawa ba. Mai karanta Turanci in ya yi shakka zai buɗe shafi na gaba ya duba alƙaluma. Mai karanta Hausa ba shi da shafi na gaba. 'Yan layukan nan na Aƙilu su ne maƙalar baki ɗaya a wurinsa.

A daminar 1975 kuturtar gyaɗa ta faɗo wa ƙasar. Cuta ce da darɓa, wata 'yar ƙwaro mai tsotsar ganye, ke ɗaukowa daga wannan tsiro ta kai wa wancan. Gyaɗa ta fito da kyanta, sai ganyen ya yi rawaya, ya ƙanƙance, ya cure wuri ɗaya, tsiron ya tsugune ya ƙi gaba. Ka tuge shi ka ga babu komai a ƙasa. Gonar Ya'u ko iri ba ta mayar ba. Shekarar da ta biyo ya shuka 'yar dawa da ƙarfin hali, aka ci da ƙyar. Ya rame, ya rage magana, ya fara sallar magariba a gona don kada ya dawo da sauran haske mutane su yi masa jaje.

Ana cikin haka maƙalar Dakta Bahago ta iso teburin Aƙilu. Dakta Bahago masanin cututtukan tsirrai ne, mutum mai ƙarancin fara'a, wanda ya fi sabawa da ganye fiye da mutane. Ya gwada wasu sababbin irin gyaɗa, kuma ɗaya daga ciki, mai lamba sha bakwai, ya yi fice.

Aƙilu ya karanta tsakuren sau uku kafin ya taɓa alƙalami. Sannan ya karanta maƙalar duka, har jadawalin alƙaluma, don ba ya fassara tsakure bai ga abin da aka tsakuro daga ciki ba. Wurare uku suka tsaya masa.

Na farko, Dakta bai ce irin ba ya kamuwa ba. Kalmar da ya sa tana nufin irin yana turje wa cutar, kaɗan ne ke kamuwa, kuma akwai wata kalma daban ta wanda ba ya kamuwa sam, da wata ta wanda ke kamuwa amma ya daure ya ba da amfani. Aƙilu ya kwana biyu yana juya su. Ya ajiye "juriya" ga mai kamuwa ya daure, ya ba irin Dakta "turjiya", ya shigar da su cikin baƙin littafinsa. Na biyu, abin da aka ƙirga yawan tsirran da suka kamu ne, ba tsananin cutar a jikin wanda ya kamu ba, don haka "cutar ta yi sauƙi" ba za ta yi ba. Na uku shi ne tulin kaffa-kaffan da Dakta ya jera, waɗanda suka kusa cinye rabin tsakuren.

Ga yadda ƙarshen fassarar ya fita daga tafireta:

"A gwajin damina biyu da aka yi a wuri ɗaya, tsirran iri mai lamba 17 da suka kamu da kuturta ba su kai na irin gida yawa ba, kuma lissafi ya nuna da wuya bambancin ya zama dace ne kawai. Wannan yana nuni da cewa mai yiwuwa irin yana da turjiya ga cutar. Sai dai yana bukatar kimanin kwana 140 kafin ya ƙosa, saboda haka amfaninsa na iya raguwa ƙwarai inda aka makara da shuka ko ruwa ya ɗauke da wuri. Ana bukatar ƙarin gwaji a gonakin manoma kafin a ba da shawarar shuka shi."

Ya kai wa Malam Jumare, editan ɓangaren Hausa, wanda kuma shi ke kula da malaman gona. Malam Jumare ba mugun mutum ba ne. Shekara biyu ke nan duk ƙauyen da ya shiga sai an kewaye motarsa ana tambayarsa me gwamnati ta tanada, shi kuma ba shi da amsa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ɗauki jan biro.

"Malam Aƙilu, wannan fassara ce ko rantsuwar kotu? Mai yiwuwa, na iya, yana nuni. Wane manomi ne zai ɗauki fartanya a kan mai yiwuwa?"

"Ranka ya daɗe, haka Dakta ya rubuta."

"Dakta da 'yan'uwansa masana yake magana. Haka suke yi, kowa na kare kansa. Mu da talakawa muke magana. Rubuta an samo iri mai maganin kuturta, shi ke nan. Layi biyu."

"Ai ba a samo ba tukuna, ranka ya daɗe. Ana dai zato."

"To sai mu buga zato? Kai ba ɗan gidan manoma ba ne? Ba ka ga halin da ake ciki ba?"

Wannan ta soke shi, don ya ga halin, kullum yana cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Amma ya tattara takardarsa da jan layukan da aka yi mata ya fita. Aka shiga ja-in-ja har mako uku. Jumare ya dawo da takarda an soke, Aƙilu ya sake bugawa ya mayar da abin da aka soke. Aka fara yi masa gani-gani a ofis. Aka tuna masa cewa masu jin Turanci da Hausa ba su ƙare a Zariya ba.

Daga ƙarshe ya yi abin da yakan yi in magana ta ƙi ƙarewa. Ya ɗauki fassarar Jumare da tasa, ya mayar da kowacce Turanci kalma da kalma, ya je ya sami Dakta Bahago a cikin ɗakin gilashin da yake renon darɓa, ya miƙa masa.

"Dakta, wacce ce maganarka a cikin biyun nan?"

Dakta ya karanta ta Jumare, fuskarsa ta canja. "Wa ya ce na faɗi haka? Damina biyu, fili ɗaya, a ce magani? In aka buga wannan a ƙarƙashin sunana zan janye maƙalar." Ya sa hannu a kan ta Aƙilu, ya koma kan ganyensa ko sallama babu.

Aka buga yadda Aƙilu ya rubuta, ba a taɓa ko waƙafi ba. Ranar da mujallar ta fito ya zo da kwafi ɗaya gida, ya sa cikin akwatin littattafan mahaifinsu. Ya ji daɗi ƙwarai, har yana ganin da tsohon na da rai da ya gyaɗa masa kai.

Labari kuwa ba ya jiran mujalla. Leburorin da ke aiki a filin gwaji sun ga kunyoyin da suka tsaya kore shar a tsakiyar waɗanda suka kuturce, sun kai zancen ƙauyukansu, daga can ya shigo birni. Wata Juma'a bayan la'asar, ana saura kaɗan ruwa ya sauka, Ya'u ya kira ƙanensa zaure. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai dattawa uku daga cikin maƙwabtansa na gona, suna zaune a kan tabarmar da mahaifinsu yake karantarwa.

"Aƙilu, an ce a wurin aikinku an samo gyaɗar da kuturta ba ta ci."

"Ana dai gwada wani iri, Yaya."

"An ce kai ka rubuta takardarsa da hannunka."

"Ni na fassara."

"To madalla. Ga su Malam Bala nan, na ce musu ba sai mun je wurin kowa ba, muna da namu a ciki." Ya'u ya gyara zama. "Ka san yadda gidan nan yake. Ƙarfin damina ɗaya ya rage mini. In na zuba dawa, za mu ci, ba za mu tashi ba. In na zuba gyaɗa ta yi, mun miƙe. Ban iya dogon Turanci ba. In shuka ko kar in shuka?"

Duk maganar tana bakin Aƙilu, a jere, yadda ya buga ta sau biyar. Damina biyu. Wuri ɗaya. Kwana ɗari da arba'in. Amma ya dubi wansa ya ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya ga dattawan sun zuba masa ido, ya kuma ga wani abu a fuskar Ya'u da rabonsa da gani tun kafin kuturta: mutumin yana alfahari da shi. A ce yau, a gaban baƙi, karon farko da Yaya ya nemi wani abu daga karatun da ya yi wa wahala, a ba shi "mai yiwuwa"? Zai zama kamar ya ce ban sani ba, ko kuma na sani ina rowa. Malam Jumare shugabansa ne kawai, ana iya yi masa gardama. Wannan kuwa Yaya ne.

"Irin yana da kyau, Yaya," in ji shi. "Shuka."

Dattawan suka yi hamdala. Ya'u ya yi dariya har haƙoransa suka fito.

Tun daga ranar Aƙilu bai sake samun sukuni ba. Malam Jumare yana raba irin ga manoma kaɗan-kaɗan, na kunya goma, don gwajin da Dakta ya ce a yi. Su Malam Bala na kunya goma suka samu. Ya'u kuwa gona guda yake so, don haka Aƙilu ya je ya tsaya gaban mutumin da ya yi mako uku yana yi wa taurin kai, ya roƙi buhu. Jumare ya dube shi ta saman tabarau.

"A'a, Malam Aƙilu. Mai yiwuwar ta warke ke nan?"

Aƙilu ya miƙa masa takardar neman buhun. Jumare ya sa hannu.

Kafin buhun ya fito daga sito, ya bi ta hannun wannan da wancan, ruwa ya yi kusan wata da zama. Maƙwabta har sun yi noman fari. Ya'u ya bar gonarsa a huɗe tana jira, bai sa ko ƙwayar dawa ba. Aka yi shuka a makon ƙarshe na Yuni. Aƙilu ya ƙirga a kalandar ofis, ya ga kwana ɗari da arba'in sun kai shi tsakiyar Nuwamba, shi kuwa tun da aka haife shi bai ga ruwa ya kai Nuwamba a Zariya ba. Ko a lokacin da sauran dama. Da ya ce a raba gonar biyu, a sa wani abu mai saurin nuna a rabi, da an tsira da wani abu. Sau biyu yana zuwa har Kufena da niyyar faɗa. Na farko ya tarar Ya'u yana nuna wa masu wucewa tsiron yana cewa na ƙanena ne. Na biyu ya buɗe baki, Ya'u ya riga shi: "Ka ga aikinka ko? Ko ganye ɗaya bai yi rawaya ba." Ya haɗiye maganarsa ya ce Allah ya ƙara albarka.

Gaskiya ne kuma, gonar ta yi kyau. Darɓa ta zo, kuturta ta taɓa gonakin gefe, ta Ya'u tsiro ɗaya-ɗaya ne suka kamu. Abin da Dakta ya zata ya tabbata a wannan gonar. Mutane suna tsayawa kallo. Aƙilu kaɗai ne in ya zo ba ya kallon ganye, sama yake kallo. Ya koma cin abinci kaɗan. Matarsa Asma'u ta tambaye shi ko wani abu ne a ofis, ya ce babu.

Ruwa ya ɗauke a tsakiyar Satumba. Aka jira, aka yi roƙo, hadari ya haɗu sau biyu ya watse. Ƙasar gindin dutse ba ta riƙe laima, cikin kwana goma ta yi tauri. Da Ya'u ya ga ganye ya fara zuba, ya sa aka tuge. Kowane tsiro ya fito da 'ya'ya jingim, gwanin sha'awa. Ka matsa kwanson ya fashe fus, ciki 'yar ƙwaya a yamutse kamar ƙwayar barkono, wani ma babu komai. Abin da aka samu na kirki harawa ce.

Ya'u bai yi faɗa ba. Ya ce haka Allah ya so, ruwa ba a hannun kowa yake ba. Har yana ba ƙanensa haƙuri, wai kada ya sa abin a ransa, irin ai ya yi abin da aka ce zai yi. Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Aƙilu ya ɗauke shi ya yi ta yawo da shi mako biyu, ya ga ba zai iya ba.

Ranar da Ya'u yake ɗaure kayansa zai tafi Kaduna neman aikin lebura, bayan ya bar wa Malam Bala aron gonar, Aƙilu ya buɗe akwatin mahaifinsu ya ɗauko mujallar. Ya same shi a zaure shi kaɗai, da hantsi.

"Yaya, akwai abin da nake so in karanta maka."

Ya'u ba ya karanta boko, sai ajami. Ya zauna a kan ƙunshin kayansa ya saurara. Aƙilu ya karanta a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda ake yi a zauren nan da. Da ya zo kan kwana ɗari da arba'in bai tsallake ba. Ya karanta makarar shuka, ya karanta ɗaukewar ruwa, ya karanta cewa ba a kai ga ba da shawarar shuka shi ba tukuna.

Wani mai tallar manja ya wuce ta ƙofar gida ya yi nisa, sannan Ya'u ya ce:

"Sake karanta mini wurin ruwan."

Ya sake.

"Yaushe aka rubuta wannan?"

"Tun kafin damina."

"Kafin in tambaye ka?"

"E, Yaya."

"Kuma kai ka sa shi da Hausa."

"Ni ne. An so a cire wurin, na hana. Mako uku ina rigima a kai."

Bai san abin da ya sa ya ƙara wannan ba, kuma tun kafin ya rufe baki ya yi da-na-sani. Ya'u ya karɓi mujallar, ya juya ta, ya shafa layukan da ba ya iya karantawa da babban yatsansa mai kanta. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Aikin ya yi kyau," in ji shi. "Ko Baba iyakar abin da zai yi ke nan. Ba ka rage wa mai takardar komai ba." Ya miƙa masa mujallar, ya tashi ya saɓa kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa. "Da ni ma ka ba ni shi haka, Aƙilu. Ai da na iya ɗauka."

Ya fita, ya bi lungun da zai kai shi tasha.

Washegari Malam Aƙilu ya taka zuwa Ƙofar Doka ya jira motar ma'aikata, don yanzu bakin gida biyu ne a wuyansa, ba shi da halin barin teburin nan ko da ya so. An ajiye masa sabon tsakure a kan tafireta, na takin auduga. Ya karanta sau uku, ya buɗe baƙin littafinsa. Da yamma a hanyar gida wani maƙwabci ya tare shi ya tambaya ko Ya'u zai dawo kafin shuka.

"Wataƙila," in ji shi.

Maƙwabcin ya yi dariya, ya ce kai dai Malam ba a samun magana ɗaya a bakinka.